Yadda ake lissafin ribar canji da asararsa idan ka sayo kaya bashi daga ƙasar waje

Duk wanda ke shigo da kaya daga waje ya san wannan ranar: ka yi ciniki da kamfani, kun daidaita a kan dala kaza, kaya sun taso, lokacin biya ya yi, ka je banki sai ka tarar dalar da ka yi lissafi da ita ba ita ce ke gabanka ba. Bashin da ake bin ka bai ƙaru da ko sisi ba a wajen mai kaya, amma kuɗin da za ka ciro daga aljihunka ya ƙaru. Wannan ratar ita ake kira asarar canji, idan kuwa dalar ta sauka aka biya da ƙasa da abin da aka rubuta, sai ta zama ribar canji.

Abin da nake so mu warware a nan shi ne inda wannan ratar ke zama a littafin kasuwanci. Mutane da yawa suna cusa ta cikin kuɗin kaya, wasu kuma ba sa rubuta ta sam, sai ƙarshen shekara a ga lissafi ya ƙi haɗuwa. Zan bi oda guda ɗaya tun daga ranar da aka ba da kafin alƙalami har ranar da aka biya dalar ƙarshe. Alƙaluman canjin da zan yi amfani da su na misali ne kawai, na zaɓe su don sauƙin lissafi. Zan riƙa cewa "kuɗin gida" in ina nufin kuɗin da kake sayar da kayanka da shi, kake biyan ma'aikata da haya da shi, kake kuma rubuta littafinka da shi.

Tambayar da za ka yi wa kowane abu a littafinka

Ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa da ke kula da wannan fanni ita ce IAS 21, kuma ginshiƙinta rabo ne guda ɗaya. Akwai abubuwan da ƙarshensu kuɗi ne za a karɓa ko za a biya, adadi sananne: bashin da mai kaya ke bin ka na dala, dalar da ke kwance a asusunka, bashin dala da kake bin wani. Akwai kuma abubuwan da ba kuɗi za su koma ba kai tsaye: kayan da ke sito, injin da ka sayo, kafin alƙalamin da ka ba da kana jiran kaya.

Kashi na farko yana tafiya da canji. Duk lokacin da aka zo rufe littafi, sai a sake auna shi da farashin canjin wannan rana. Kashi na biyu kuwa, farashin ranar da ya shigo littafi shi ne nasa, ba a sake taɓa shi. Saboda haka kafin ka rubuta komai, tambayi kanka: wannan abu, dala zan biya ko zan karɓa a kansa nan gaba? In amsar e ce, zai haifar da riba ko asarar canji. In a'a ce, ka bar shi yadda ya shigo.

Mataki na farko: buɗe wa mai kaya shafi mai layi biyu

Kada ka rubuta asusun mai kayan waje da kuɗin gida kaɗai. Kowane shigarwa ya zama yana ɗauke da abubuwa huɗu: kwanan wata, adadin dala, farashin canjin ranar, da abin da ya kama a kuɗin gida. Layin dala shi ne za ka riƙa gwadawa da takardar lissafin da mai kaya ke aiko maka, domin shi bai san kuɗin ƙasarku ba, bai kuma damu da shi ba. Layin kuɗin gida shi ne na littafinka.

Ka kuma tsayar da inda kake ɗauko farashin canji, ka rubuta shi, ka tsaya a kai. Idan yau ka ɗauko na babban banki, gobe na bankinka, jibi na wani shafin intanet, ribar canjin da za ta fito ba ta da ma'ana. A ƙasar da ake da farashi fiye da ɗaya, ƙa'idar ta ce a yi amfani da farashin da za a iya biyan wannan bashin da shi a wannan ranar. Wato idan ka san ba ka da hanyar samun dala a wani farashi, kada ka auna bashinka da shi don kawai ya fi sauƙi a ido. Kowace ranar da ka yi shigarwa, ajiye shaidar farashin, ko hoton allo ne ko takardar banki, ka maƙala ta a jikin inbois. Ranar da mai binciken littafi ya zo, ita zai fara tambaya.

An yarda a yi amfani da matsakaicin farashi na mako ko na wata ga mai shigarwa da yawa, amma da sharaɗin canjin bai yi hawa da sauka sosai a wannan tsakanin ba. Ga mai oda uku ko huɗu a wata, ban ga dalilin yin haka ba. Farashin ranar ya fi tsabta.

Mataki na biyu: kafin alƙalami

Ga odarmu. Ka yi cinikin kaya na dala 50,000. Sharaɗin shi ne ka biya kashi 30 cikin ɗari kafin a fara haɗa kaya, sauran kuma bayan an yi lodi.

Ranar 10 ga Satumba ka tura dala 15,000, dala ɗaya tana 100 a kuɗin gida. Abin da ya fita daga asusunka 1,500,000 ne. A littafi, ka yi debit na asusun kafin alƙalami da 1,500,000, wato ka rubuta su a gefen da darajar ta shiga, ka yi kiredit na banki da 1,500,000, wato gefen da ta fito.

Yanzu yi wa wannan kuɗi tambayar da muka ce. Me kake jira a kansa? Kaya kake jira. Don haka yana cikin kashi na biyu, ya daskare a 1,500,000, ko da dala ta kai ina kafin kayan su iso. Wannan batu ya daɗe yana kawo saɓani tsakanin akantoci, har sai da aka fitar da fassara ta musamman a kansa, IFRIC 22, a Disamban 2016, ta fara aiki daga 1 ga Janairun 2018. Hukuncinta shi ne ranar da aka biya kafin alƙalami ita ce ranar da ake ɗaukar farashin canji ga wannan ɓangaren na kayan. In an biya sau biyu ko uku, kowane biya da ranarsa da farashinsa.

Wuri ɗaya ne hukuncin ke juyawa. Idan cinikin ya watse, mai kaya ya amince zai maido maka da dala 15,000, to daga nan ba kaya kake jira ba, dala kake jira. Ya koma kashi na farko ke nan, sai a fara auna shi da canji har ranar da kuɗin suka dawo.

Ka lura ban rubuta bashin sauran dala 35,000 ba tukuna. Sa hannu a kan oda alkawari ne, bai zama bashi a littafi ba sai kayan sun zama naka.

Mataki na uku: ranar da kaya suka zama naka

A nan ne na fi ganin ana kuskure, don haka zan ɗan tsaya. Ranakun da ke gabanka suna da yawa: ranar da ke kan inbois, ranar da aka yi lodi a jirgin ruwa, ranar da jirgi ya iso, ranar da kwastan suka saki kwantena, da ranar da kaya suka shiga sito. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe ana iya yin wata biyu, kuma a wata biyu canji yana iya yin tafiya mai nisa. Ranar da ake so ita ce wadda iko da kayan ya dawo hannunka, kuma yarjejeniyar ciniki ce ke nuna ta.

Duba sharaɗin jigilar da aka rubuta a jikin takardar. In FOB ne, haɗarin kaya yana komawa kanka da zarar an ɗora su a jirgi a tashar ƙasar mai sayarwa. In CIF ne, mutane da yawa suna zaton sai kaya sun iso tasharsu, ganin mai sayarwa ne ya biya kuɗin jirgi da inshora. Ba haka ba ne: a CIF ma haɗarin yana komawa kan mai saye tun a tashar lodi. In kuwa DAP ne, sai an kawo kayan wurin da aka ambata. Waɗannan sharuɗɗa suna magana ne a kan haɗari da wanda zai biya me, ba su yanke maganar mallaka ba, don haka ka karanta yarjejeniyar gaba ɗayanta ko akwai wani sharaɗi da ya jinkirta miƙa kayan. Amma a yawancin ciniki na FOB, ranar lodin da ke kan takardar jirgi ita ake ɗauka.

A odarmu FOB ne, an yi lodi ranar 5 ga Nuwamba, dala tana 104. Kuɗin kayan zai haɗu daga gida biyu. Dala 15,000 da aka riga aka biya suna nan a 1,500,000. Sauran dala 35,000 a farashin 104 sun kama 3,640,000. Jimla 5,140,000. Sai ka yi debit na kaya da 5,140,000, ka yi kiredit na kafin alƙalami da 1,500,000 don a rufe shi, ka yi kiredit na mai kaya da 3,640,000, a gefensa ka rubuta dala 35,000.

Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki dala 50,000 gaba ɗaya a buga da 104, a sami 5,200,000. Wanda ya yi haka ya ƙara wa kayansa 60,000 da bai kashe ba, sannan don littafi ya daidaita sai ya rubuta 60,000 ɗin a matsayin ribar canji. Riba ce ta iska, ba wanda ya ba shi ita. Wasu manhajojin lissafi ma suna yin wannan da kansu idan aka shigar da kafin alƙalami a matsayin biyan bashi tun kafin a shigar da inbois, don haka ka duba abin da taka ta yi, kada ka ɗauka ta san bambancin.

Kuɗin jirgi, inshora, harajin kwastan da ba a maidowa, da ladan fito da kaya duk suna hawa kan kuɗin kayan, kamar yadda IAS 2, ƙa'idar lissafin kayan sayarwa, ta tanada, kowanne da farashin ranarsa in da dala aka biya shi. Na bar su a waje a wannan misali don kada alƙaluma su yi yawa. Abu ɗaya kawai zan ce: farashin canjin da kwastan suka yi amfani da shi wajen yanka haraji nasu ne, don haraji kawai. Harajin da ka biya shi za ka rubuta, amma kada ka ɗauki farashinsu ka auna kayanka ko bashinka da shi.

Daga wannan rana, 5,140,000 ya zauna. Duk abin da dala za ta yi nan gaba, ba ruwan kayan da ke sito, ruwan bashin ne.

Mataki na huɗu: biyan wani ɓangare

Ranar 10 ga Disamba ka tura dala 20,000. Banki ya sayar maka a 108, ya cire 2,160,000 daga asusunka. A littafi kuwa, waɗannan dala 20,000 suna zaune a farashin 104, wato 2,080,000. Bambancin 80,000 shi ne asarar canji, kuma asara ce da ta tabbata, tunda kuɗin sun riga sun fita.

Shigarwar tana da ƙafa uku: debit na mai kaya da 2,080,000, debit na asarar canji da 80,000, kiredit na banki da 2,160,000. In kana amfani da jadawalin kwamfuta, dala a B2, farashin da ke littafi a C2, farashin ranar biya a D2, to lissafin shi ne:

```
=B2*(D2-C2)
```

In sakamakon ya fito sama da sifiri asara ce, in ya fito ƙasa da sifiri riba ce. Wannan ga bashin da ake bin ka ne. Ga dalar da kake riƙe da ita, fassarar tana juyawa.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce a nan, domin na sha jin sa: ai wannan 80,000 saboda kayan nan na kashe shi, me zai hana in ɗora shi a kansu? Amsar ita ce ba sayen kayan ne ya jawo shi ba, jinkirin biya ne. Da ka biya ranar 5 ga Nuwamba, da babu shi, kayan kuma su ne dai. In ka cusa shi cikin kuɗin kaya, ka ɓoye wa kanka abu biyu a lokaci ɗaya: ba za ka san ainihin ribar da kayan ke kawowa ba, ba kuma za ka san nawa bashin dala ke ci maka ba. Ga kuma wata illar, asarar da ta riga ta faru za ta kwanta a sito tana jiran ranar da aka sayar da kaya, littafin wannan watan ya nuna ribar da ta fi ta gaskiya.

Ladan banki na tura kuɗi shi ma gidansa daban, kada ya shiga asarar canji. Sannan ka duba takardar turawa, akwai gurbin da ke nuna wanda zai ɗauki ladan bankunan da kuɗin ke bi ta cikinsu. OUR na nufin kai ka ɗauka duka, SHA na nufin kun raba, BEN na nufin a cire daga kuɗin mai karɓa. In ka zaɓi SHA ko BEN, kana iya tura dala 20,000 mai kaya ya ce 19,965 suka iso masa. Wannan dala 35 ba canji ba ne. Ko dai ku daidaita ya yafe, ko ta zauna bashi a kanka, amma dole ta bayyana a layin dala, in ba haka ba takardarsa da taka ba za su taɓa haɗuwa ba.

In daga asusun dala ka biya

Wasu sukan sayi dala tun da wuri su ajiye. A ce tun 15 ga Nuwamba ka sayi dala 20,000 ɗin a 105, suka shiga littafi a 2,100,000. Ranar 10 ga Disamba da ka tura su, canji yana 108. A ɓangaren bashi akwai asarar 80,000 kamar yadda muka lissafa. A ɓangaren asusun dala kuma akwai ribar 60,000, tunda abin da ka saya a 105 ya fita yana da darajar 108. In aka haɗa, asarar 20,000 ce ta rage, wato tafiyar da dala ta yi daga 104 zuwa 105 kafin ka saya. Wannan shi ne amfanin sayen dala da wuri in tana hawa. In kuwa sauka ta yi, kai ne za ka riƙe mai tsada. A sauran misalin za mu ci gaba a kan cewa ranar biya aka sayi dalar.

Mataki na biyar: ranar rufe littafi

Shekara ta ƙare ranar 31 ga Disamba, saura dala 15,000 ba a biya ba. A littafi suna nan a 104, wato 1,560,000. Farashin rufewa na wannan rana 110 ne, don haka bashin ya kama 1,650,000. Sai a ɗaga shi da 90,000: debit na asarar canji 90,000, kiredit na mai kaya 90,000. A layin dala ba a rubuta komai, yana nan 15,000.

Wannan asara ba ta tabbata ba tukuna, ba kuɗin da ya fita, kuma dala tana iya saukowa kafin ranar biya. Duk da haka tana shiga lissafin riba da asara na shekarar da ta ƙare. Dalilin a fili yake: wanda ya karanta littafinka ranar 31 ga Disamba, banki ne mai ba ka rance ko abokin tarayya, yana da haƙƙin sanin nawa za ka nema a ranar in an ce ka biya. In ka bar bashin a 1,560,000 ka nuna masa abin da ba zai isa ba.

Shawarata ka buɗe asusu biyu, ɗaya na asarar da ta tabbata, ɗaya na wadda ba ta tabbata ba. A rahoton ƙarshen shekara suna iya haɗuwa a layi ɗaya, amma dokokin haraji na ƙasashe da yawa suna bambanta su, wasu ba sa yarda a cire asarar da ba ta tabbata ba sai an biya. In ka raba su tun farko, mai yi maka lissafin haraji zai ɗauki abin da dokar ƙasarku ta ce ba tare da ya tono shekara guda ba. Kuma ba sai ƙarshen shekara ba. In canjin ƙasarku mai motsi ne, yi wannan awon kowane ƙarshen wata, aikin minti goma ne.

Kayan da suka rage a sito fa? Ba a sake auna su da 110. Gwajin da ake yi musu daban ne: a duba ko abin da za a samu in an sayar da su, bayan an cire kuɗin sayarwa, ya kai kuɗin da aka saye su. In bai kai ba, a rage darajarsu. Wannan yakan taso ne idan kuɗin gida ya yi ƙarfi, abokan gasa suka shigo da irin kayan da araha, farashin kasuwa ya faɗi ƙasa da naka.

Mataki na shida: biyan ƙarshe

Ranar 20 ga Janairu ka biya sauran dala 15,000, dala ta sauko zuwa 107. Banki ya cire 1,605,000. Da wane adadi za ka gwada? Da 1,650,000, domin shi ne abin da ke littafi yanzu, 104 ya wuce tun ranar rufewa. Bambancin 45,000 riba ce ta sabuwar shekara: debit na mai kaya 1,650,000, kiredit na banki 1,605,000, kiredit na ribar canji 45,000.

Wasu manhajoji suna bin wata hanyar: ranar 1 ga Janairu su soke 90,000 ɗin, bashin ya koma 1,560,000, ranar biya kuma su rubuta asarar 45,000 da ta tabbata. Sokewar ta ba da 90,000 a gefen riba, biyan ya ba da 45,000 a gefen asara, sakamakon dai ribar 45,000 ce a sabuwar shekara. Duk hanyoyin biyu daidai ne. Matsalar tana zuwa ne in aka gauraya su, a gwada da 104 alhali ba a soke 90,000 ba. Sai a ƙirga asara sau biyu, a bar 90,000 yana rataye a shafin mai kaya.

Yadda za ka gane ko lissafin ya yi daidai

Gwaji biyu nake yi wa kowace oda da aka gama biya. Na farko, shafin mai kaya ya zama sifiri a layukan biyu. Na taɓa duba littafin wani mai shigo da kaya, layin dala ya nuna ba a bin sa komai, mai kayan ma ya tabbatar da haka a rubuce, amma layin kuɗin gida yana nuna wai shi ne ke bin kamfanin kuɗi masu yawa. Ya ɗauka ya yi biyan da ya wuce kima, har yana shirin rubuta musu wasiƙa. Da muka bi shigarwar ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi asarar canji ce ta shekara biyu da ba a taɓa fitarwa ba, ta taru a wurin tana kama da dukiya. Duk inda ka ga dala sifiri, kuɗin gida kuma da saura, wannan sauran canji ne da ba a rubuta ba.

Gwaji na biyu shi ne na aljihu. Haɗa duk abin da ya fita: 1,500,000 da 2,160,000 da 1,605,000, jimla 5,265,000. Cire kuɗin kaya, 5,140,000. Saura 125,000. Yanzu haɗa abin da ka rubuta na canji: asarar 80,000 da asarar 90,000, a cire ribar 45,000, ya ba da 125,000. In lambobin biyu ba su haɗu ba, akwai inda aka yi amfani da farashin da ba shi ba, ko ladan banki ya shiga inda bai kamata ba.

Abin da lambar nan ke gaya maka game da farashin sayarwa

A ce ka ɗora ribar kashi 10 cikin ɗari a kan 5,140,000, ka sayar da kayan duka a 5,654,000. A takarda ribarka 514,000 ce. Canji ya ci 125,000 daga ciki, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan shi ne kuɗin da ka biya na zaman bashin wata biyu da rabi, ko da mai kaya ya ce maka bashin ba ruwa a kansa.

Akwai kuma abin da littafi ba zai nuna maka ba, kuma shi ya fi cin uwar kuɗi. In za ka sake yin irin wannan odar a ranar da dala take 110, kana buƙatar 5,500,000. Daga 5,654,000 da ka tara, abin da ya rage bayan ka maye gurbin kayan 154,000 ne kacal, tun ba a zo maganar asarar canjin baya ba. Wanda ya ga 514,000 ya kwashe ta a matsayin riba, oda ta gaba ba zai iya cika kwantenar ba. Don haka littafi a rubuta shi da farashin ranar saye, kamar yadda ƙa'ida ta ce, amma farashin sayarwa a yanka shi ana kallon abin da dala take yau.

In kana so ka rufe ƙofar asarar canji tun daga ranar lodi, hanyoyin da ke hannunka kaɗan ne. Ka biya da wuri in kana da kuɗin, musamman in mai kaya zai yi maka ragi saboda hakan. Ka sayi dalar ka ajiye, kamar yadda muka gani. Ko ka ƙulla yarjejeniya da banki cewa zai sayar maka da dala kaza a rana kaza a farashin da kuka tsayar yau. A ce ranar 5 ga Nuwamba kun tsayar da 106 ga dala 15,000 na 20 ga Janairu: ka san tun ranar cewa 1,590,000 za ka biya, ka kuma iya sa shi a lissafin farashinka. Sai dai yarjejeniyar tana ɗaure ka ko ta wane gefe, in dala ta faɗo 102 a 106 ɗin za ka saya, kuma banki yakan nemi ka ajiye wani abu a matsayin jingina. A littafi, yarjejeniyar abu ce mai zaman kanta a ƙarƙashin wata ƙa'idar lissafi, IFRS 9, ana auna darajarta daban a ranar rufewa. Bashin mai kaya kuma ana ci gaba da auna shi da farashin ranar, 110 a ƙarshen Disamba, ba a mayar da shi 106 don kawai an ƙulla yarjejeniya da banki.